Yadda Ake Tantance Mai Aikin Wuta Kafin A Ba Shi Aiki

Aikin wuta idan aka binne shi a bango aka shafe da siminti, ba wanda zai sake ganinsa sai ranar da ya kawo matsala. Don haka duk tambayar da za ka yi, ka yi ta tun kafin a fasa bango.

Fara da shaidar ƙwarewa. Ka ce ya nuna maka takardar koyon sana'arsa da lasisinsa, idan dokar inda kake ta tanadi lasisi. Duba ko sunan nasa ne, kuma ko wa'adin bai ƙare ba. Sannan ka tambaye shi wa zai yi aikin da hannunsa, shi ko yaransa? Sau da yawa maigida ne ke karɓar aiki, ya bar wa ɗan koyo, ba ya ko leƙowa.

Takarda kaɗai ba ta isa ba. Tambayar da ta fi tona asirin ɗan dagaji ita ce: "Wace waya za ka sa wa kowane layi, kuma bireka mai amfiya nawa?" Bireka ita ce na'urar da ke katse wuta idan nauyi ya yi wa layi yawa. Wanda ya san aiki zai fara tambayarka kayan da za ka riƙa kunnawa. A aikin gida, yawanci ana sa waya mai kaurin 1.5 mm² a layin fitilu, 2.5 mm² a layin soket, 4 ko 6 mm² ga murhun lantarki, shi kuma layinsa daban.

Ga dalilin da ya sa wannan tambayar take da nauyi. A ce wutar gidan 230 V ce, an haɗa hitar ruwa mai 3,000 W da dutsen guga mai 2,000 W a layi ɗaya mai waya 1.5 mm². Raba 5,000 da 230, za ka samu kusan amfiya 22. Waya mai 1.5 mm² a cikin bututu ba ta ɗaukar abin da ya wuce amfiya 15 ko kusa da haka. Bireka mai amfiya 10 za ta riƙa faɗuwa, kuma aikinta ke nan. Sai maras sani ya cire ta ya sa mai amfiya 32, ya ce ya gyara. Wuta ta daina ɗaukewa, amma yanzu wayar ce ke gasuwa a cikin bango, robarta na taushi tana narkewa. Alamar farko ita ce ƙaurin roba, ko fuskar soket ta yi ɗumi ta fara rinewa. Bireka waya take karewa, don haka duk wanda ya ce maganin faɗuwar bireka shi ne a sa babba ba tare da ya duba waya ba, ka sallame shi.

Sai ingancin kaya. Tambaye shi wa zai sayo, kuma wace iri. Akwai waya ta alminiyon da aka shafa wa tagulla a baya. Yanke ɗan guntu ka kankare da wuƙa: idan cikin ya fito fari, ba tagulla zalla ba ce, tana saurin zafi da karyewa a wurin ɗauri. Ka nemi rasit, ka kuma karanta kaurin da aka buga a jikin robar. Kada ka manta da wayar ƙasa, wato wadda ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, da kuma RCD mai 30 mA, na'urar da ke katse wuta nan take idan ta fara bi ta jikin mutum. Wannan ba wurin rage kuɗi ba ne, musamman a banɗaki da kicin.

Tambaye shi kuma wane gwaji zai yi idan ya gama, da takardar da zai ba ka. Taɓa waya da tasta ba gwaji ba ne. Ana auna ƙarfin robar waya da na'ura mai 500 V, kuma sakamakon kada ya gaza 1 MΩ, wato ohm miliyan ɗaya. Ana tabbatar da wayar ƙasa ta isa kowane soket. Ana gwada RCD. Takardar ta ƙunshi jerin layuka, kaurin waya, girman bireka, sakamakon awo, kwanan wata da sa hannunsa.

Batun kuɗi kuwa, kada ka karɓi jimla ɗaya a dunƙule. A rubuta kuɗin kaya daban, ladan aiki daban, a fayyace wa zai biya fasa bango da shafe shi. Ka ba mutum uku jerin aiki iri ɗaya ka kwatanta. Idan na wani ya yi ƙasa sosai, nemi abin da ya cire. Galibi kaurin waya ne ko wayar ƙasa. Biya kashi-kashi, ku rubuta tsawon lokacin da zai dawo gyara kyauta, ka riƙe kason ƙarshe sai takardar gwaji ta shigo hannunka.