Kafin ku tafi yawon hutu da ƴan aji, ku fara tara kuɗin

Ƴan uwa ɗalibai masu shirin fita shaƙatawa a ɗan hutun simestan nan, don Allah kada ku yarda da "zan biya idan mun isa", nan ake samun ɓacin rai. Ku zaɓi mutum ɗaya mai amana ya riƙe kuɗin, kowa ya tura nasa kwana uku kafin tafiya, wanda bai tura ba kada a lissafa da shi wajen kama mota da ɗaki, domin idan ku takwas kuka yi shatar mota biyu suka janye a daren tafiya, ku shidan ne za ku ɗauki kasonsu. Kuɗin dawowa kuma a ware shi daban, ko yunwa ake ji kada a taɓa. Wajen ma ya zama na kusa, kada hanya ta cinye hutun.