Yadda Ake Ɗora Sabbin Kalmomi a Kan Tsohon Karin Waƙa

Idan walimar sauka ta matso a Islamiyyun Kano, sau da yawa malami yakan ɗauki karin da yara suka riga suka saba da shi, ya zuba masa sabbin baitoci. Sai a zo gwaji a ji yaran suna tuntuɓe. Yawanci laifin na awon gaɓoɓi ne.

Da farko ajiye kalmomin tsohuwar waƙar gefe. Rera ɗango ɗaya da "dan" da "da" kawai, kana buga yatsa a benci: "dan" inda murya ta ja, "da" inda ta wuce da sauri. A ce abin da ya fito shi ne dan-da-dan-dan-dan-da-dan. Rubuta shi a saman takarda. Gurbi 7 ke nan, na 2 da na 6 gajeru.

Sai ka tsara ɗangonka, ka yayyanka shi gaɓa-gaɓa. A nan ne aka fi faɗuwa, domin ƙirga kaɗai ba ta wadatar ba, sai an auna nauyi. Gaɓar Hausa iri biyu ce. Marar nauyi baƙi ne da gajeren wasali, kamar "mu" ta ƙarshen "gidanmu". Mai nauyi kuwa tana da dogon wasali ko tagwan wasali kamar "mai", ko ta ƙare da baƙi kamar "kun". Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, shi ya sa garin Kano da garin tuwo suke kama ɗaya a takarda. Don haka furta da baki, kada ka amince wa ido.

Bara na rubuta wa yaranmu "Iyayenmu mun gode". Gaɓa 7 cif, amma ya ƙi zama. Gaɓar farko gajera ce ta faɗa dogon gurbi, "ya" mai tsawo ta matse a gajere. Wata yarinya a sahun gaba ta yi ta jan "iii" tana kallona, ita kanta ta ji ba daidai ba ne. Na sauya shi da "Malamai kun sha wuya": ma-la-mai-kun-sha-wu-ya. "La" da "wu" suka sauka a gurbi na 2 da na 6, nan take yaran suka ɗauka.

Idan gaɓa ta yi yawa, kada ka yi saurin sokewa. Gajeru biyu sukan zauna a gurbin doguwa ɗaya. "Kun faɗa mana gaskiya" gaɓa 8 ne, amma "mana" ta cike gurbi na 4 lafiya lau, ga amsa-amo ya dace. Ko ka taƙaita yadda muke yi a magana, "ya yi" ta koma "yai".

Daga nan miƙa wa wanda ya san karin amma bai taɓa ganin baitin ba, ka ce ya rera. Duk inda ya haɗiye harafi ko ya ja numfashi a tsakiyar kalma, sa alama a wurin ka sake aunawa.