Yadda na gyara rigireshan ɗin da ya yi min ƙarya

Alhamdulillahi, na gano matsalar, godiya ga abokin aikina da ya ce in duba Durbin-Watson, ma'aunin da ke nuna ko kurakuran rigireshan suna bin juna.

Ina da bayanan wata-wata na shekara 8, yawan layukan waya, x, da yawan sabbin motoci, y, na haɗa su a R sai ga R² 0.94, har na fara murna. Amma Durbin-Watson 0.2 ne, alhali ya kamata ya kusanci 2. Granger da Newbold sun yi gargaɗi tun 1974: in R² ya fi Durbin-Watson, a yi zargin sakamakon bogi ne.

Na cire lambobin da suka yi fice, na saka log, duk a banza.

Ashe dukansu biyun hawa suke da tafiyar lokaci, kowane wata yana ɗorawa kan na baya, to dole su yi kamar suna tafiya tare ko babu ruwan wani da wani. Kuskuren wannan watan ma yana bin na watan jiya, shi ya sa t, ma'aunin da ke nuna ko alaƙar ta gaske ce, ke kumbura.

```r
library(tseries)
adf.test(x); adf.test(y)
summary(lm(diff(y) ~ diff(x)))
```

Gwajin `adf.test()` ya ba ni p sama da 0.05 a duka x da y, wato ba su da tsayayyen matsakaicin da suke komawa kansa. `diff()` yana cire na watan jiya daga na wannan watan, canjin kaɗai ya rage. Na sake gwajin a kan canjin, p ya sauka ƙasa da 0.05, sannan R² ya faɗo 0.03, Durbin-Watson ya koma 1.9. Babu wata alaƙa ashe.