Idan asusun jimla ya ƙi daidaita da asusun kwastomomi: kurakuran da aka fi yi

Asusun jimla na masu bashi, asusu ɗaya da ke tattara duk bashin da ake bin kwastomomi, yana karɓar adadinsa ne daga jimlar littattafan shigarwar farko, wato littafin cinikin bashi, littafin kayan da aka dawo da su, da littafin kuɗi. Asusun kowane kwastoma kuwa, takarda bayan takarda ake shigar masa. Tunda hanya biyu aka bi, a ƙarshen wata ragowar asusun jimla ya kamata ta zo daidai da abin da aka samu idan aka tara ragowar kwastomomi duka. Haka abin yake a ɓangaren masu kawo kaya, sai dai can ragowar tana kiredit ne, ba debit ba.

Babban kuskure shi ne gyara a inda babu ɓarna. Kafin a taɓa komai, a tambaya: wannan kuskuren jimla ya shafa, ko asusun mutum ɗaya?

A ɗauka asusun jimla ya nuna 486,500, jerin ragowar kwastomomi kuma ya ba da 464,600. Bambancin 21,900 ne. Da aka bincika, sai aka tarar an yi kuskure wajen tara littafin cinikin bashi, jimlar ta haura da 10,000. Kwastomomi ba ruwansu da wannan, domin kowa an shigar masa da adadin takardarsa daidai. Saboda haka asusun jimla za a rage wa 10,000, tare da asusun ciniki.

Kuskure na biyu yakan faru sosai. Wani kwastoma shi ma yana kawo wa kamfanin kaya, aka yarda a cire bashi cikin bashi har 15,000. Akawu ya rubuta haka a asusun mutumin na ɓangarorin biyu, ya manta da asusun jimla. Gyaran ƙafa biyu gare shi: kiredit 15,000 a jimlar masu bashi, debit 15,000 a jimlar masu kawo kaya. Wanda ya gyara ɗaya ya bar ɗaya, zai sake cin karo da adadin nan idan ya zo daidaita ɗaya ɓangaren. Yanzu asusun jimla ya koma 461,500.

Sauran kurakuran biyu a jerin kwastomomi suke. Takardar 5,400 an shigar da ita asusun mai ita a matsayin 4,500, lambobi sun yi musayar wuri, don haka za a ƙara 900. Sai wani da ya biya fiye da abin da ake binsa, ragowarsa ta zama kiredit 2,000, amma mai haɗa jerin ya tara ta da sauran kamar bashi. A nan mutane da yawa sukan cire 2,000 su tsaya. Ba ta isa ba. An ƙara abin da ya kamata a rage, don haka 4,000 za a cire. Idan aka ƙara 900 a kan 464,600 aka cire 4,000, an samu 461,500, ɓangarorin biyu sun haɗu.

Akwai dabaru biyu da ake koya wa masu farawa: bambancin da ya rabu da 9 ba saura yana nuna musayar lambobi, kuma rabin bambanci yakan tona adadin da aka sa a ɓangaren da ba nasa ba. Suna aiki, amma sai kuskuren ya zama guda ɗaya. A misalin nan 21,900 ba ta rabuwa da 9, rabinta 10,950 kuma ba ya cikin kowane littafi. Wanda ya dogara da su kaɗai zai ɓata yini a banza. Gara a sake tara littattafan, sannan a bi takardu ɗaya bayan ɗaya.

Wasu abubuwan kuma ba su da gurbi a asusun jimla ko kaɗan: cinikin da aka biya nan take, da tanadin da ake warewa don bashin da ake shakkar biyansa. Bashin da aka tabbatar ya mutu aka yafe shi yana shiga kiredit, cekin da banki ya dawo da shi kuma yana komawa debit. Masu aiki da manhajar lissafi su ma ba su tsira ba, domin shigarwar da aka yi kai tsaye cikin asusun jimla ba tare da sunan kwastoma ba takan raba ɓangarorin nan take.

Daidaituwa kuma ba shaidar cewa komai lafiya ba ce. Idan an ɗora wa wani bashin wani, ko an rubuta adadin takarda ba daidai ba tun a littafin farko, ko ba a rubuta ta sam ba, ɓangarorin biyu za su yi daidai a kan kuskure. Irin waɗannan sai an aika wa kwastomomi bayanin asusunsu na wata, an kuma gwada bayanin da masu kawo kaya suka aiko da abin da ke cikin littafi, kafin su fito fili.