Yadda Ake Auna Haɗarin Sabon Aiki Kafin A Sa Hannu

Idan takardar ɗaukar aiki ta zo, ido kan albashi yake fara sauka. Ni kuwa tambayar da nake so ka fara yi ita ce: idan aka sallame ni a wata na huɗu, da nawa zan koma gida?

Da farko nemi sakin layin da ya yi maganar lokacin gwaji. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta yanke tsawonsa ba, abin da ka sa wa hannu shi zai hau kanka. An fi sa wata uku ko shida. Duba ko an ce za a iya tsawaita shi, kuma har sau nawa. In ba a sa iyaka ba, kana iya shekara ba a ba ka takardar tabbatarwa ba.

Sai notis, wato wa'adin da ɓangare ɗaya zai ba ɗayan kafin a rabu. Sashe na 11 na dokar ya sa mafi ƙaranci: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya daga nan zuwa shekara biyu, mako biyu zuwa shekara biyar, sannan wata ɗaya. Amma dokar ta fitar da masu aikin gudanarwa da ƙwararru daga cikin waɗanda take kira ma'aikata. In kai akanta ne ko injiniya, takardarka ce babbar garkuwarka.

Yanzu ɗauki biro ka yi lissafi. A ce albashin naira 250,000 ne, amma gundarinsa 100,000, sauran duk alawus. Gwaji wata shida, notis mako ɗaya, ko a biya ka kuɗi a madadinsa. Idan da gundarin albashi za a lissafa, kamar yadda dokar ta tsara, kusan 25,000 za a miƙa maka, ban da na kwanakin da ka yi aiki. Ajiye wannan kusa da kuɗin cefane da na makarantar yara, ka ga kwana nawa zai riƙe ka. Wanda zai bar aikin da ya shekara biyar a ciki, ko zai kwashi iyali daga Kano zuwa Legas, wannan lissafin ya fi shafa, kuma abin yana damuna yadda ake tsallake shi.

Daga nan karanta laifuffukan da ake kora a kansu nan take ba notis. Sata ko zamba kowa ya gane su. “Rashin gamsar da hukumar gudanarwa” kuwa buhu ne da komai ke shiga. Duba kuma ko notis ɗin daidai yake: wasu kan nemi wata uku daga gare ka, su ba ka mako ɗaya.

Abin da bai kwanta maka ba, roƙi a gyara tun ba ka ajiye tsohon aikinka ba: a sa iyaka ga gwaji, a mai da notis wata ɗaya, a lissafa shi da cikakken albashi. In sun amince, a rubuta a cikin takardar kanta, don ita alƙalin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa zai fara dubawa.