Yadda za ka tsara babi na biyu idan bincikenka kan taki da masara ne

'Yan uwa masu rubuta kundin digiri, kuskuren da na fi gani a babi na biyu, wato babin bitar ayyukan da suka gabata, shi ne jera marubuta: wane ya ce, wance ta ce, shafi goma babu mahaɗi. Manufofinka na babi na ɗaya su ne za su ba ka kanun babin.

A ce kana nazarin ribar noman masara da abin da ke sa manoma amfani da takin zamani a ƙaramar hukumar Giwa ta jihar Kaduna. Fara da fayyace kalmomi: me kake nufi da ƙaramin manomi, hekta nawa? Sai ra'in da ka dogara da shi, kamar na Rogers na 1962 kan yaɗuwar sababbin dabaru. Daga nan ka ware kai ɗaya ga kowace manufa.

A ƙarƙashin kan taki, haɗa binciken da suka gano samun bashi yana ƙara amfani da taki, ka kawo waɗanda suka saɓa, sannan ka faɗi dalilin saɓanin: yankin ne ya bambanta, ko yawan manoman da aka tambaya? Nan malamin da ke duba ka zai ga tunaninka.

Duk abin da za ka saka a lissafin babi na uku, shekarun manomi ne ko girman gona, tabbatar ya fito a nan tukuna.