Yadda na hana ɗana cankar amsa

Ɗana mai shekara 10 kullum cankar amsa yake yi a wasan sudoku ɗin yara, mai layi huɗu da lambobi 1 zuwa 4. Faɗa bai yi amfani ba, nuna masa amsar ma ya ƙara masa lalaci.

Sai na ɓoye abin goge fensir, na kafa doka: ba ya rubuta lamba sai ya ce “saboda”. Muka ɗauki gurbi ɗaya kawai. Layinsa na kwance yana da 1 da 3, saura 2 ko 4 ke nan. Na tsaye yana da 4. Da bakinsa ya ce, “Baba, 2 ce, saboda 4 tana nan.” In gurbi ya ƙi, ya rubuta lambobin biyu ƙanana a kusurwa, ya wuce wani.

Alhamdulillahi, yanzu har ƙanwarsa yake tsarewa da “saboda me?”